Baƙin da Buzuzu Yake Gani

Tun ranar da Malam Gidaɗo ya faɗi a bakin makwararar gidansa bai ƙara taka zaure ba. Ciwon da ya ji bai kai a kawo a baki ba, ƙujewa ce a gwiwa, kafin kasuwar Wurno ta zagayo ta warke. Abin da bai warke ba shi ne an gani. Idanunsa sun daɗe suna dushewa har suka rufe gaba ɗaya, amma ya ci gaba da fita zaure da ƙafarsa, hannun dama a jikin katanga, da saurinsa na da. Katangar tana tafiya miƙe daga ƙofar ɗakinsa, sai a gindin rumbu ta karya dama lokaci guda ta nufi zaure. Rannan ya zo wurin da hanzari, hannunsa ya kama iska, ƙafa ta wuce gaba, sai ga shi a ƙasa, rawani gefe guda. Ɗalibansa na karatun La'asar suna zaune, kuma ta ƙofar zaure suka ga komai. Manyan mutane ne masu gonakin albasa da shinkafa a fadama, su suka ɗaga shi kamar jariri.

Daga nan ya ce a mayar masa da buzunsa ɗaki. An ba shi sanda, ya jingine ta bayan ƙofa. An ce a riƙa kama hannunsa, ya ce shi ba akuya ba ne da za a ja shi kasuwa. Ɗaliban suka yi ta zuwa suna komawa, har ƙafarsu ta ɗauke.

Wannan abu ya tsaya wa 'yarsa Sa'adiyya a rai fiye da yadda take iya faɗi. Malamar kimiyya ce a makarantar sakandaren 'yan mata da ke garin. Mijinta yana aikin rabon ruwan noman rani a Goronyo, sai ƙarshen mako yake zuwa, don haka kusan kullum a gidan iyayenta take yini bayan an tashi makaranta. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka a ɓoye. Abu ɗaya take so a duniya, ta ga mahaifinta zaune a zaurensa.

A cikin wannan hali ta shigo da Buzuzu gidan.

Buzuzu ɗan robot ne da ita da 'yan matan ajinta suka harhaɗa don baje kolin makarantu da za a yi a Rabah. Tsawonsa bai wuce taƙi ba. Yana da tayoyi biyu, kowacce da ɗan injinta, da wata 'yar ƙwallo da yake dogara a kai ta gaba, da batura, da ɗan allon ƙwaƙwalwa da ake zuba wa umarni daga kwamfuta. Aikinsa ɗaya ne tak, ya bi baƙin layi a kan farin falanki har ya zagayo. Sunan kuwa Inna Kulu, mahaifiyar Sa'adiyya, ta raɗa masa, da ta ga yana tafe kai a ƙasa ba ya duban kowa.

Da farko a tsakar gida ta shimfiɗa falankin, kusa da tagar Malam, ba don komai ba sai don ya ji motsi. Buzuzu kuwa ya haukace, ya riƙa yawo kamar bai taɓa ganin layi ba. Ta san dalili, rana ce. Idanunsa da hasken infared suke aiki, wanda idon mutum ba ya gani, rana kuma cike take da shi, sai ta dallare su. Dole a koma inuwa. Wuri ɗaya ne a gidan mai inuwa da daɓen siminti da faɗin da zai ɗauki falankin, wato zaure. Ta ja shi can tana ƙunƙuni.

A zaure Buzuzu ya natsu. Miƙaƙƙen layi yana bin sa kamar an ɗaura masa zare, lanƙwasa mai sauƙi ma yana shanye ta. Amma akwai wata kwana a ƙarshen falankin, matsattsiya, mai komowa baya kamar ƙugiya, irin wadda aka ce lallai za a sa a filin gasa. Yana isa nan sai ya wuce gaba abinsa, ya faɗo daga falanki, ya dunguri bango, tayoyi suna ta juyawa.

Kwanaki ana haka. Ta rage masa gudu, ya faɗo a hankali. Ta matso da idanunsa kusa da ƙasa, ya faɗo. Ta sake umarnin kwanar, ta sake, har ta fara zargin kanta da mantuwar abin da ta karanto.

Wata ranar bayan Azahar ta kai wa Malam fura. Yana zaune bakin gado, carbi a hannu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Sa'adiyya, mi ka dungurar bangon zaurena kullum?"

Murna ta kama ta. Rabonsa da tambayar wani abu da ke wajen ɗakin nan har ta manta.

"Buzuzu na, Baba."

"Kawo shi in gani."

Haka ya ce, in gani, kuma ba ta gyara masa ba. Ta ruga ta ɗauko, ta ɗora masa a cinya. Yatsunsa suka bi jikin abin a hankali, suka murza tayoyi, suka lalubi wayoyi, har suka isa ƙarƙashin goshinsa inda wasu ƙananan ƙuraje suke jere.

"Waɗanga hwa?"

"Su na idanunai, Baba. Biyar. Ko wane tagwaye na, guda shina haska ƙasa, guda shina jiran hasken shi dawo. Hwari shina maido haske, baƙi shina shanye shi. Wanda duk bai samu haskenai ba ya san layi na ƙarƙashinai."

"Ashe ba layin shika gani ba. Rashin haske shika gani."

"Haka na."

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda yake yi a da idan ɗalibi ya kawo mas'ala mai daɗi. Ta ci gaba da bayani da sauri, tana tsoron kada sha'awar ta huce. In layi yana ƙarƙashin idon tsakiya, tayoyi biyu su tafi daidai. In ya gusa hagu, tayar hagu ta rage gudu, sai kan ya karkata hagu. In ya gusa dama, haka. Amma a matsattsiyar kwana layin yakan kuɓuce gaba ɗaya, idanu biyar duka su ga fari.

"To sannan mi shika yi?"

"Na hwaɗa mai shi tuna. Duk gehen da yag ga baƙi na ƙarshe, can layi yat tahi. Sai shi bar gaba, tayar ciki ta koma baya, ta waje ta yi gaba, shi juya nan inda shike sannu sannu hat idon tsakiya shi samu baƙi."

Malam ya ɗora babban yatsansa a kan idanun Buzuzu.

"Wagga dabara ba ta da aibi," in ji shi. "To don mi shika wucewa?"

"Shi na ban sani ba."

"In shina juyawa wajen da yag gani na ƙarshe, kuma bai juya ba, to ba ko wane gehe yag gani. Ina jin shi daga nan. Muryatai ba ta sakewa kahin shi bugi bango. Ko niyyar juyawa bai yi."

Sa'adiyya ta miƙe zumbur. Ta ɗauki Buzuzu ta fita ba ko sallama, ta bar Malam da furarsa.

A bayan kowane ido akwai 'yar fitila ja, tana kamawa in ido ya ga fari, ta mutu in ya ga baƙi. Ta durƙusa a kan falanki ta riƙe Buzuzu da hannu tana tura shi a kan layi. A miƙaƙƙen wuri fitilar tsakiya a mace take, yadda ya kamata. Tana shiga kwana da shi sai fitilar ta kama, ja wur, alhali ga layi baƙi ƙirin a ƙarƙashinta.

Sai ta zauna daɓas ta dafe kai. Miƙaƙƙen layin da baƙin salatif na masu gyaran wuta suka yi shi. Da suka zo kwanar, salatif ya ƙi lanƙwasuwa, yana tattarewa yana ɗagowa, sai ta ce wa 'yan matan su zana wurin da baƙar maka, alƙalamin rubutun allo, har tana yaba musu yadda ya fita sumul. A idon mutum baƙi baƙi ne. Amma ruwan wannan maka rini ne, infared yana ratsa shi ya bugi farin fenti ya dawo kamar ba a shafa komai ba. A wurin Buzuzu, layi yana zuwa ne miƙe a ƙarƙashin idon tsakiya, sai ya ƙare. Ba hagu ba dama, me zai tuna? Bawan Allah ya yi ta shan bango a kan laifin da ba nasa ba.

Gyaran ba wuya. A yayyanka salatif ƙanana a jera su bi da bi har su zagaye kwanar, aikin da ba zai kai tsawon dahuwar shayi ba. Har ta ɗauko almakashi. Sai idonta ya faɗa kan alkukin bango, inda kurtun tawadar Malam yake ajiye, ya bushe har ya tsage, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

A garin nan babu wanda bai san tawadar Malam Gidaɗo ba. Zuge ce, ta gawayi da ƙaro, kuma tun daga Marnona ake aiko yara da kwalabe. Gawayi kuwa, wannan ta sani sarai, yana shanye infared fiye da kusan komai. Ta daɗe tana duban kurtun, sannan ta mayar da almakashi cikin jaka.

Ta koma ɗaki ta faɗa masa abin da ta gano. Ta ƙara da cewa baƙin gawayi ake bukata.

"Ki sawo zuge kasuwa," in ji shi, ya juya fuska bango.

Ta sawo. Allah kuma ya taimake ta, mai tawadar ya cika ƙaro, da ta bushe sai ta riƙa sheƙi kamar an shafa mai. Abu mai sheƙi yana wullo haske ko da baƙi ne, don haka fitilun Buzuzu suka riƙa ƙyaftawa, rabi gani rabi rashin gani. Wani zagayen ya juya, wani ya wuce. Ta shafa tawadar a guntun katako ta kai wa Malam. Ya murza da yatsa, ya kai hanci, ya ja tsaki.

"Wanga ba tawada ta ba, alewa ta. Wa yay yi ta?"

"Wani yaro na, bakin tasha."

"Ƙaro ba a zuba shi da ludayi. Allah shi kyauta." Ya ci gaba da murza katakon. Can ya ɗaga murya. "Kulu! Akwai sauran gawayin aduwa cikin buhun nan?"

Inna Kulu tana bakin murhu. Ta dubi 'yarta da ta fito, ta dubi jakar da almakashi da salatif suke leƙowa daga ciki. Tsohuwa ce, amma ba a yi mata wayo a gidanta.

Ta ce a hankali, "Ke, wancan baƙin abin naku ƙarewa yay yi?"

"Bai ƙare ba, Inna."

"To ɓoye shi da kyau."

Washegari aka shigar masa da dutsen niƙa har ɗaki. Sa'adiyya ta ce ta niƙa masa, ya ce ta ja gefe. Ya durƙusa ya niƙa gawayin da kansa, yana tsayawa yana murza garin tsakanin yatsu, yana mayarwa. Ya sa aka tace da ƙyalle. Ƙaron da aka jiƙa ya riƙa ɗiba da kan yatsa yana ɗigawa, yana juyawa, yana taɓawa, leɓunansa suna motsi. Hannuwansa suka yi baƙi har wuyan hannu, gumi ya jiƙa masa riga. A ranar ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari, Inna Kulu ta zuba masa tana goge ido da bakin zane, wai hayaƙi ne.

Da tawadar ta kwana ya miƙa wa Sa'adiyya kurtu.

"Ki kankare waccan alewa tukuna. Ki shahwa sau biyu, na hwarko shi bushe kahin na biyu. Hwaɗin layin daidai da na salatif, kak ki ƙara."

Ta yi yadda ya ce. Tawadar ta bushe baƙa ƙirin, ba sheƙi ko kaɗan, kamar bayan tukunya. Ta tura Buzuzu da hannu a kai, fitilar ta mutu murus. Ta kai yatsa kan makunni, sai ta fasa. Ta koma ƙofar ɗakin Malam ta tsaya.

"Baba, ta bushe. Za ni kunna shi."

"To kunna mana."

"Hwalankin ba shi shiga ƙohwar ga. Tsakar gida kuma rana na makantar da shi." Kalmar ta kuɓuce mata kafin ta kama ta, ta ji kamar ta nutse. Amma ta ƙarasa. "Zaure kaɗai shika iyawa."

"Ina ji daga nan."

"To, Baba."

Ta juya da nauyin zuciya. Ta yi iyakar dabararta, ga shi dabarar ta ƙare a bakin ƙofa. Ta koma zaure ta zauna kusa da falanki, Buzuzu a cinya, ta kasa kunnawa. Ba ta san ko ta daɗe a haka ba, sai ta ji wani sauti da ta sani tun tana yarinya, tafin hannu yana shafar katangar laka.

Ta leƙa. Malam ya fito. Ya sa hula, ba sanda, hannun dama a katanga, baƙin gawayi har yanzu a ƙarƙashin faratansa. Yana tahowa, kuma tun daga nesa ta ga yana ƙara sauri, saurin nan nasa na mutumin da ya saba ana jiransa. Ga rumbu yana matsowa, ga makwarara a gaba. Ta yunƙura za ta ruga, sai ta ga Inna Kulu daga bakin murhu ta ɗaga mata hannu, ta girgiza kai. Sa'adiyya ta tsaya, ta cusa bakin mayafi a baki.

Hannun Malam ya kai ƙarshen katanga ya kama iska. Jikinsa ya yi gaba kaɗan. Sai ya tsaya cak.

Ya daɗe a tsaye, hannu a miƙe cikin sarari, ƙirjinsa yana hawa da sauka. Kaji suna ta tonon ƙasa a gindin rumbu, ba ruwansu. Sannan ya ja ƙafar dama baya kaɗan, ya kawo ta hagu gaba, ya juya a inda yake, sannu sannu, hannun yana share iska, har yatsunsa suka taɓa laka. Ya dafa ta da tafin hannu gaba ɗaya. Ya taho.

Da ya kai ƙofar zaure Sa'adiyya ta riga ta koma mazauninta, ta share fuska, ta yi kamar tana duba batur. Ya lalubi dakalinsa ya zauna a kan siminti tsirara, yana haki.

"To," in ji shi. "Ina jarumin?"

Ta ɗora Buzuzu a farkon layi ta kunna. Injunan suka ɗauki ƙara siririya, ya miƙe, ya sha lanƙwasa ta farko, ya nufi ƙarshen falanki. Malam ya karkata kunne. Buzuzu ya shiga kwana, layin ya zame zuwa idon dama na can gefe, sannan ya kuɓuce, fitilu biyar suka kama ja. Ƙarar ta sauya, ta yi ƙasa, taya ɗaya baya ɗaya gaba. Ya juya a wurin yana 'yar karkarwa, fitilar tsakiya ta mutu, ya miƙe ya kama hanyar dawowa.

"Ya wuce, Baba," in ji ta.

"Na jiya. Ai na ji inda yat tsaya yay yi tunani." Ya yi dariya, ta gaske, har da buga cinya. "Bar shi shi ƙara."

Buzuzu ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Ana cikin haka aka yi sallama daga waje. Mode ne, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka ɗaga Malam rannan, yana dawowa daga fadama da laka a ƙafa, ya ji dariyar da ya daɗe bai ji ba. Ya leƙo, ya ga Malam, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Sa'adiyya ta dubi mahaifinta da tsoro, ko zai tashi ya nemi ɗaki. Fuskarsa ta ɗan ɗaure. Sannan ya gyara zama.

"Mode na? Shigo, amma bi ta gehe, kak ka take mamu tawada. Ina munka tsaya cikin littahin nan naka?"

"Babin taimama, Malam."

"Tun can? Lallai kun huta." Ya juya kai wajen cikin gida ya ɗaga murya. "Kulu! Simintin ga da sanyi. A kawo min buzuna."

Sa'adiyya ce ta tashi ta je ɗaukowa. Da ta zo gindin rumbu ta ga shatin yatsu baƙaƙe a jikin katanga, daidai inda ta karya, ta tsaya ta yi kukanta a nan inda ba mai gani. Sannan ta shiga ɗaki ta naɗe buzun, ta haɗa da littattafansa, don ta san ba za a dawo da su ɗaki ba.